Saƙon imel da ya sa mai sito ya daina amsa gaisuwa

"Hajiya, barka da aiki. Ni mataimakiyar akanta ce a wani kamfanin sayen riɗi da wake nan Maradi, watana bakwai da fara aiki. Ran Laraba na aika ma mai kula da sitonmu imel, dattijo ne sa'an babana. A kan saƙon na sa URGENT!!! A ciki na rubuta A KAWO TAKARDUN SHIGAR KAYA YAU!!! sannan na ƙara 😊 don kada ya ga kamar faɗa nake. Na sa darakta a Cc, wato shi ma ya samu kwafin saƙon. Takardu sun zo, amma tun ranar in na gaishe shi sai dai ya ɗaga mani hannu. Darakta kuma abin da ya rubuto shi ne Ok. da aya a ƙarshe. Wata abokiyar aikina ta ce alamar motsin rai rashin ladabi ce, wata ta ce saƙon da babu ita kamar an ɗaure fuska ne. Wace ce ke da gaskiya, kuma mi ya kamata in yi?"

Ɗiyata, kowace daga cikinsu ta taɓo gaskiya, amma ba wadda ta ɗora yatsa a kan inda ciwon yake. Alamar motsin rai ba ta da halin kanta. Kamar lasifikar masallaci take: abin da aka faɗa a bakinta shi take ƙara wa ƙarfi. In godiya aka sa mata, godiyar ta ƙara armashi. In umarni aka sa mata, ya koma tsawa. Haka manyan baƙaƙe, haka emoji. Mai karatu kuma da abu biyu yake auna su: wa ya rubuto wa wa, da kuma yadda mai rubutun ya saba rubutu a sauran ranaku.

Na yi sama da shekara ashirin ina aikin ofis a garin nan, na fara da sakatariya a zamanin da ake buga takarda da keken rubutu, daga baya na riƙe sashen ma'aikata, kuma nakan koyar da sababbin sakatarori rubutun wasiƙa. Rigima irin taki na raba ta ba adadi, kuma kusan kullum mai laifin yakan rantse cewa shi da zuciya ɗaya ya rubuta. Nakan yarda da shi. Matsalar ita ce zuciyar ba ta bin saƙon.

Muryar da kika ji ba ita ya ji ba

Lokacin da kike buga saƙon nan, kina jin muryarki a cikin kanki, da sassaucinta da ƴar dariyar da ke ciki. Shi kuwa dattijon baƙaƙe kawai suka iske shi, sai ya ɗora musu muryar da ya ga ta dace da su. An gwada wannan a bincike. A shekarar 2005 Justin Kruger da Nicholas Epley da abokan aikinsu a Amurka sun sa mutane su isar da jimloli, wasu da gaske wasu da gatse, wani rukuni ta imel, wani da murya. Masu imel sun zaci za a gane manufarsu kusan sau 78 cikin 100. Da aka duba, sau 56 ne kawai aka gane. To ai zaɓi biyu ne, gaske ko gatse, wanda ya rufe ido ya yi canke ma zai samu 50. Waɗanda suka isar da murya an gane su sama da sau 70. Abin lura a nan shi ne masu rubutun ba su san an yi musu gurguwar fahimta ba, suna nan da tabbacinsu.

Wata malama mai suna Kristin Byron ta ƙara wani abu a 2008 da na daɗe ina gani da idona kafin in san an rubuta shi. Ta ce imel yakan gangara ƙasa da taki ɗaya a idon mai karatu: saƙon da aka rubuta da fara'a sai a karanta shi kamar ba yabo ba fallasa, wanda aka rubuta ba yabo ba fallasa kuma sai a karanta shi kamar da fushi. Nan ne abokiyarki ta biyu take da hujja. Mutane suna watsa alamar motsin rai a saƙo ne don su cike wannan gangaren.

Mu Hausawa kuwa asararmu ta fi yawa, domin da baki muna da kayan aikin da ke gyara murya ba tare da an ɗaga ta ba. Ki dubi waɗannan: "Kawo takardun." "Kawo takardun mana." "Kawo takardun dai." "Kawo takardun fa." Na farko umarni ne tsirara, na biyu lallashi da ɗan ƙosawa, na uku kamar kina cewa sauran magana a bar ta sai an jima, na huɗu gargaɗi. Ƴan kalmomin nan, mana da dai da fa da kam da ai, su ne alamomin rubutunmu na asali. Sai mu zo ofis, mu buɗe kwamfuta, mu zubar da su duka, ko don da Faransanci muke rubutu, ko don muna ganin ba su dace da takardar aiki ba. Gaisuwa ma mu yar da ita. Sai jimla ta tsaya ba riga ba wando, mu ji ba ta yi mana ba, mu tara mata alamar motsin rai uku.

Manyan baƙaƙe, da yadda ake gane tsawa daga sabo

A duniyar intanet an daɗe da yanke hukunci a kan wannan. Wata takardar ladubban rubutu da aka fitar a watan Oktoba na 1995, mai lamba RFC 1855, ta faɗa ƙarara cewa rubutu da manyan baƙaƙe zalla kama yake da ihu. Duk wanda ya saba aiki da ƙungiyoyin waje ko bankuna haka zai karanta shi. A Auckland ta ƙasar New Zealand an taɓa korar wata ma'aikaciyar kuɗi a 2007, cikin dalilan da aka bayar har da cewa saƙonninta masu manyan baƙaƙe da jan launi suna haddasa rashin jituwa a ofis. Ta kai ƙara, a 2009 aka ce ba a kore ta bisa ƙa'ida ba, aka biya ta diyyar dala 17,000 ta ƙasar. Ta ci shari'a, amma aikin ya tafi.

Sai dai a nan wajenmu ba kowane mai manyan baƙaƙe ne yake ihu ba, kuma rashin sanin haka ya sa an zargi bayin Allah da yawa a banza. Rubutun gwamnati da muka gada daga Faransa yana sa sunan mahaifi ko na iyali da manyan baƙaƙe, haka kan takarda, haka cike fom. Mutumin da ya shekara talatin yana cike rajista ya ɗauki manyan baƙaƙe a matsayin tsabtar rubutu. Wanda ya tashi da ajami kuma, a can babu babba babu ƙarami, bambancin bai taɓa ɗaukar masa wata ma'ana ba.

Akwai kuma dalili na uku da ke cikin na'urar kanta. Kwamfutocinmu da yawa madannan Faransa ne da su, waɗanda layin baƙaƙensu na sama ya fara da AZERTY. A kansu, in kina son buga lamba a layin sama sai kin riƙe `Shift`, in ba haka ba & da é da sauransu za su fito. A Windows, in kika kunna `Verr Maj`, wato `Caps Lock`, lambobi sai su riƙa fitowa kai tsaye. Saboda haka masu lissafi da ke aiki da ƙaramar kwamfuta marar madannan lamba a gefe sukan kunna shi tun safe su manta da shi. Alamar motsin rai ma a irin waɗannan madannai tana da gurbinta a ƙasa ta dama, taɓawa ɗaya take fitowa, shi ya sa uku ba ta yi wa yatsa wuya.

Na taɓa aiki a wata ƙungiya da wani mai riƙe da akwatin kuɗi, mutum mai sanyin hali da ko ƙuda ba ya kora da ƙarfi. Wata baƙuwa da aka turo mana daga babban ofis ta shigo wurina ranta a ɓace, ta ce mutumin nan kullum daka mata tsawa yake yi a imel. Na ce ta buɗe mani saƙonninsa goma na baya. Muka duba tare: sallamarsa da manyan baƙaƙe, godiyarsa da manya, sunansa da manya, har saƙon da ya aiko na neman izinin zuwa sunan jikarsa a Tibiri da manya. Na ja ta muka je teburinsa, ga ƴar fitilar `Verr Maj` nan tana ci. Ta yi dariya, magana ta mutu.

Wannan ita ce hanyar ganewa, kuma kowa yana yin ta ko bai sani ba. In komai na mutum manya ne, sabo ne, ba a ɗaukar sa da zafi. In kuwa ya saba rubutu da ƙanana, sai rana ɗaya jimla guda ta miƙe tsaye da manya, to an san da gangan ya yi. Na tabbata saƙonninki na wata bakwai da ƙananan baƙaƙe kika rubuta su. Ke ƴar zamani ce, dattijon ya san kin san bambanci. Don haka bai yi miki uzurin da aka yi wa mai akwatin kuɗinmu ba.

In kin riga kin buga dogon rubutu da manya bisa kuskure, ba sai kin sake shi ba. A Word da Outlook na kwamfuta, ki zaɓi rubutun ki danna `Shift+F3`, zai riƙa juya shi tsakanin manya da ƙanana. In kuma akwai abu ɗaya da ba ki so ido ya tsallake, kamar rana ko adadin kuɗi, ki kaurara shi kaɗai, ko ki ba shi layinsa. Abu ɗaya fa. Takardar da aka ja wa layi ko'ina daidai take da wadda ba a ja wa ba.

Ɗaya, uku, ko babu

Ga gwajin da nake ba ɗalibaina. Kafin ki sa alamar motsin rai, ki karanta jimlar da ƙarfi kamar kina tsaye a bakin ƙofar mutumin, ki ɗaga murya a kanta. "Na gode ƙwarai!" da ɗaga murya daɗi gare ta. "Barka da samun ƙaruwa!" haka. "An biya kuɗin, sun shiga!" albishir ne, ya cancanta. To yanzu ɗaga murya a kan "A kawo takardun yau!" ki ji abin da ya fito. Wa yake magana haka? Maigida da yaran shago.

Kalmar "a" ɗin nan ma tana da fuska biyu. Da ita muke girmama manya: "An wuni lafiya?", "A yi haƙuri", "A taimaka mana". Amma in ta zo ba gaisuwa a gabanta, ba "don Allah" a bayanta, ita ce dai muryar mai iko da ba ya ma son kiran sunan wanda yake aika. Ke kin rubuta ta da niyyar farko, manyan baƙaƙe da alamomi uku suka tura ta ta biyu.

Wata mai bincike, Carol Waseleski, ta ƙirga alamomin motsin rai a saƙonnin ma'aikatan ɗakunan karatu a 2006. Ta iske kusan kashi 73 cikin 100 mata ne suka sa su, kuma mafi yawansu na nuna zumunci ne ko jaddada magana, kamar godiya da gaisuwa. Waɗanda ke nuna tashin hankali ko zumuɗi ba su kai kashi 10 ba. Na kawo wannan ne don kada a sa ki jin kunyar alamar gaba ɗaya. Akwai masu cewa rubutun mata ne, na marasa natsuwa. Ba haka ba ne. Aikin sada zumunci take yi, kuma ofis yana buƙatar wannan aikin.

Ƙa'idata ni, wadda daga aiki na tsamo ta: ɗaya a saƙo ta isa, a kan godiya ko taya murna ko albishir. Ba na sa ta a kan buƙata, ko tuni, ko gyaran kuskuren wani, ko tambaya. Ba na sa ta a kan saƙo, wato layin da ake fara gani kafin a buɗe. Biyu ko uku a jere kuwa na bar wa WhatsApp na dangi ranar da aka haihu. Mafi muni ita ce haɗin ?! ko ???, domin "Ina takardun?" tambaya ce, "Ina takardun???" tuhuma ce.

URGENT kuma kuɗi ne da ke saurin karyewa. Na san wani ofis da kusan kowane saƙo da shi yake fitowa, har ya zama ba wanda ke gaggawar buɗe ko ɗaya. Kalmar ba ta gaya wa mai sito komai: yau da wane lokaci, waɗanne takardu, me zai faru in ba su zo ba. Abin da ta gaya masa kawai shi ne hankalinki a tashe yake, kuma kina ganin shi ne sanadi.

Batun Ok. na darakta, kada ki hana kanki barci. Gaskiya ne a Jami'ar Binghamton, Celia Klin da ɗalibanta sun nuna wa ɗalibai 126 gajerun amsoshin saƙon waya, aka ga amsar da ta ƙare da aya ana ɗaukar ta kamar ba ta kai zuci ba, alhali a rubutun hannu ayar ba ta canza komai. Amma wannan saƙon waya ne tsakanin matasan Amurka. Mutumin da aka koya wa rubutu a lakkol da bulala yana sa aya ne don jimla ta ƙare. Ki yi masa gwajin mai akwatin kuɗi: buɗe amsoshinsa na baya. In kullum Ok. ne, to Ok. ne. In kuwa ya saba rubuto miki "Merci" da sunanki, sai ranar ya tsaya a baƙi biyu da aya, to ya ga abin da bai yi masa ba, ya zaɓi ya yi shiru.

Ni ma na taɓa faɗawa wannan ramin ta ɗaya gefen. Na saba rufe saƙona ga wata sakatariyata da "Na gode!" Wata rana ina sauri zan tafi ta'aziyya na rubuta "Na gani." kawai. Da na dawo washegari na iske yarinyar nan ta sake rahoton tun daga farko, idonta ya yi ja, tana tambayata inda ta yi kuskure. Ba ta yi ba. Ni ce na saba mata da abu, rashinsa ya zama magana.

Murmushin da ya zo bayan mari

Na san dalilin da ya sa kika ƙara 😊. Kin karanta saƙon, wani abu a ranki ya ce ya yi zafi, maimakon ki rage wutar sai kika yayyafa ruwa a kan murfi. Wannan jin da kika yi daidai ne, maganin ne bai yi ba. Emoji ba ya goge jimlar da ta gabace shi, tare ake karanta su. Tsawa da murmushi a haɗe kuwa, a wurin babba, sunansa izgili. Da kin bar tsawar ita kaɗai, wataƙila ya ce yarinya ce aiki ya sha mata kai. Da murmushin sai ya zama kamar kin san abin da kika yi kuma kina jin daɗinsa.

Ko ba tsawa ma, murmushin allo ba ya yin aikin murmushin fuska. Ella Glikson da Arik Cheshin da Gerben van Kleef sun gwada mutum 549 daga ƙasashe 29, suka buga sakamakon a 2017. A saƙon aiki daga wanda ba a sani ba, fuskar murmushi ba ta sa an ga mai rubutun ya fi kirki a zo a gani ba, amma ta sa an rage masa maki a ƙwarewa, har amsar da ake ba shi takan zo da ƙarancin bayani. Da saƙon ya zama na sha'anin zumunci, ba na aiki ba, illar ta kau. Ki lura binciken a kan haɗuwar farko yake. Tsakaninki da sa'arki da kuke cin abincin rana tare, 😊 ba ya rage miki komai. Ga banki, ko mai saye a Kano ko Kwatano da ba ki taɓa gani ba, ko wanda ya girme ki a shekaru ko muƙami, ki bari sai shi ya fara, in ya fara ma kada ki wuce shi.

Akwai kuma matsalar cewa abin da kika aika ba lalle shi ya isa ba. Kowane kamfani da yadda yake zana emoji. Masu bincike a Jami'ar Minnesota sun nuna a 2016 cewa fuska ɗaya mai bayyana haƙora, 😁, a wasu wayoyi ana ganin ta da fara'a, a zanen Apple na lokacin kuwa mutane da yawa sun gan ta kamar mai cije baki. Tsofaffin Outlook ma sukan mayar da :) zuwa wani zane na rubutun Wingdings, wanda in ya isa wata na'urar sai ya fito a matsayin J kawai. Shekaru na yi ina ganin J a ƙarshen saƙon wata abokiyar aiki ina zaton farkon wani suna ne.

Wanda na fi ja wa masu harkar saye da sayarwa kunne a kansa shi ne 👍. A lardin Saskatchewan na Kanada, wani mai sayen amfanin gona ya tura wa manomi hoton yarjejeniya ta waya, ya ce ya tabbatar. Manomin ya mayar da 👍. Farashi ya tashi, bai kawo kaya ba, ya ce shi nufinsa ya ga saƙo ne kawai. A 2023 kotu ta ce yatsan nan amincewa ne, ta duba yadda suka saba ƙulla ciniki a baya da gajerun amsoshi, ta sa ya biya kimanin dala 82,000 ta Kanada. Dokarsu daban da tamu, amma ruɗanin iri ɗaya ne da wanda za ki iya shiga gobe: an turo miki farashin buhun riɗi, kin ɗaga yatsa, ke kina nufin "na gani", shi ya ji "na yarda". A duk abin da ya shafi kuɗi, ko adadi, ko rana, ki rubuta da kalmomi wanne kike nufi.

Yadda saƙon ya kamata ya fita

Kafin in gyara shi, akwai abin da ba ki tambaya ba wanda a ganina ya fi sauran ciwo, wato Cc. Duk abin da na lissafa a sama, da tsakaninku biyu ya tsaya, da sauƙi. Sa darakta ya mayar da shi faɗa a gaban jama'a. A idon dattijon, ƴar wata bakwai ta kai ƙararsa wurin maigida ba tare da ta taɓa zuwa ta tambaye shi ba. Kowace alama a saƙon sai nauyinta ya ninka, don akwai mai kallo. Ana sa shugaba a Cc in shi ya ce a sa shi, ko in tsarin ofis ne a kowane saƙo irin wannan, ko in an yi tuni sau biyu ba amsa. A tunin farko ba a yi.

A ce takardun na motoci huɗu ne da suka sauke kaya Litinin da Talata, kuma kina son rufe lissafin mako. A kan saƙon sai ki sa: Takardun shigar kaya na Litinin da Talata, kafin ƙarfe 4 na yau. A ciki kuma:

"Assalamu alaikum Baba, barka da aiki, ya gajiya? Don Allah ina buƙatar takardun shigar kaya na motoci huɗu da suka sauke Litinin da Talata. Yau da ƙarfe 5 zan miƙa lissafin mako, in babu su ba za a iya biyan masu kaya gobe ba. In sun samu kafin ƙarfe 4 ya wadatar. In aiki ya yi yawa a sito, a gaya mani in zo in karɓa da kaina. Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara girma."

Ki duba, wannan ya fi naki matsa lamba. Akwai adadi, akwai lokaci, akwai abin da zai lalace in an makara, kuma mutanen da za su rasa kuɗinsu shi ya fi ki saninsu, kullum a bakin sitonsa suke. Gaggawar tana cikin bayanin, ba ta buƙatar ko babban baƙi ɗaya bayan na farkon jimla. In kina son alamar motsin rai, gurbinta ɗaya ne, bayan "Na gode ƙwarai". Da Faransanci ma ginin bai canza ba: gaisuwa, buƙata, dalili, lokaci, godiya. "Baba" ko "Malam" ko "Alhaji" kuwa, wanda kike kiran sa da shi a baki shi za ki rubuta.

Wani zai ce wannan ya yi tsawo, aiki ake ba zance ba. Jimla shida ce, ba ta kai minti biyu ba. Amma na yarda akwai inda ba a buƙatar ta: in kuna cikin musayar saƙo tun safe, na biyar ba ya son sabuwar sallama, kuma akwai ofisoshin da kowa ya saba da gajeren rubutu ba mai jin haushi. Sannan in abu na gaggawa ne da gaske, irin wanda awa ɗaya za ta ɓata, imel ba shi ne hanya ba tun farko. Mai sito yana tsakanin buhuna da ma'auni da lebura, ba a gaban allo yake ba. Ki kira shi, ko ki taka, sannan ki bi da imel don ya zama shaida a rubuce.

Gyaran abin da ya riga ya faru kuma kada ki yi shi ta imel, kada ki yi ta WhatsApp, kada ki aika 🙏. Rubutu ne ya ɓata, ƙafa ce za ta gyara. Gobe da safe, kafin motoci su fara shigowa, ki je sito ke kaɗai. Ki gaishe shi yadda kike gaida babanki, ki jira ya amsa ko da a daƙile ne. Sannan ki ce: "Baba, saƙon da na aiko ran Laraba ban rubuta shi daidai ba, kuma bai kamata in sa darakta ba. A yi mani haƙuri, ƙuruciya ce." Ki tsaya nan. Kada ki shiga bayanin cewa ai murmushi kika sa, ko ai kowa haka yake rubutawa, don duk bayanin da ya biyo bayan ban haƙuri rage shi yake yi. Wataƙila ya ce ba komai, wataƙila ya yi miki ƴar nasiha mai tsawo, ki saurara har ya gama. In kin koma tebur, a saƙo na gaba da ya shafi sito wanda darakta ke ciki bisa tsari, ki sa layi ɗaya cewa takardun Laraba sun iso a kan lokaci, kin gode wa Baba. A gaban darakta aka taɓa shi, a gaban darakta ya kamata ya ga an gode masa.